Takardar da ta ce a'a ba ta rufe ƙofa ba

Kowane ɗalibi da ya fita daga lakkwal a ƙasar Nijar ya san yadda ake rubuta takardar neman aiki. An koya masa inda zai sa sunansa, da inda zai sa kwanan wata, da irin gaisuwar da ta dace da wanda ake roƙo. Wanda bai yi karatu ba ma yana samun mai rubuta masa a bakin gidan waya. Amma akwai wata takarda da ba a koyar da ita, wato wadda mutum yake rubutawa idan an ba shi aiki kuma ba zai iya karɓa ba. Dalilin rashin koyar da ita a fili yake. Bayan da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, kuma ma'aikatan gwamnati suna yin watanni ba su ga albashi ba, wanda duk ya ce ya ƙi aiki sai a dube shi kamar mai taɓin hankali. Duk da haka ranar tana zuwa ma wasu, kuma yadda mutum ya bi da ita yana iya binsa shekaru da dama.

Ranar ta zo ma wani mai lissafin kuɗi a Maraɗi cikin watan Yuni na 1997. Yana aiki ne da wata ƙungiyar manoma mai kula da bankunan cimaka a ƙauyuka 14, a kan albashin jika 95 a wata, da yarjejeniyar da za ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Kawunsa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya aje aiki ya koma Tasawa, ya ji cewa wani furoje na raya karkara a Damagaram yana neman mai lissafi, sai ya kai sunan ɗan ƙanwarsa wurin darakta, wanda tsohon abokin aikinsa ne. An kira shi cikin watan Mayu, an yi masa tambayoyi tare da wasu mutum uku, ya dawo gida bai sa rai ba. Ranar Alhamis 12 ga Yuni takarda ta iso. An ɗauke shi a kan jika 180 a wata, zai fara aiki ranar 1 ga Yuli, kuma ana jiran amsarsa kafin ranar 20 ga Yuni.

Albashin ya kusan ninka nasa, kuma yana da mata da ƴaƴa huɗu a gidan haya. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne lokacin. Bankin cimaka yana sayen hatsi da kaka, lokacin da tiya take da araha, ya aje shi a magazan, sa'annan ya buɗe ƙofa da damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma manoma suke tsakiyar noma. Daga Yuni zuwa Agusta ake fitar da hatsin, wani a sayar, wani a ba da bashi zuwa kaka. Kowane buhu tiya 40 ne, kuma kowace tiya sai an rubuta wanda ya karɓa. Littattafan ƙauyuka 14 suna hannunsa, shi ya san wanda ya biya bashin bara da wanda ya rage. Idan ya tafi ranar 1 ga Yuli, zai bar su ne a watan da suka fi bukatarsa, ba tare da wanda zai gaje shi ba. Bayan haka akwai doka. Yarjejeniyar aiki mai wa'adi ba a yanke ta kafin lokacinta sai da yardar ɓangarori biyu, ko saboda babban laifi, ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum, kuma wanda ya yanke ta haka kawai ana iya bin shi diyya. Ya san manoman ba za su kai shi ƙara ba. Hakan ne ma ya ƙara masa nauyin abin, domin mutanen da ba za su iya tilasta maka ba, alkawarinka kaɗai suke riƙe da shi.

Ya kwana biyu yana juya maganar tare da uwargidansa. Ita ta fi son ya tafi, kuma ba ta ɓoye ba. Da ta ga ya tsaya a kan ra'ayinsa, sai ta ce masa in dai ba zai je ba, to kada ya yi abin da mutane suka saba, wato ya yi shiru har kwanakin su wuce.

Wannan shirun shi ne babban kuskuren da ake yi, kuma daga kunya yake fitowa. Bahaushe ba ya son ya dubi babba ya ce masa a'a. Sai ya ce zai yi shawara, ko ya ce in Allah ya yarda, kuma a zaure kowa ya san ma'anar wannan. A cikin biro abin ya sha bamban. Sakatariya tana da takarda a gabanta mai wa'adi, kuma muddin amsa ba ta zo ba, gurbin yana rataye. Wanda ya zo na biyu a jarrabawar yana zaune yana jira, ba a iya kiransa. Wataƙila kafin a kira shi ya sami wani aikin, sai furoje ya rasa duka biyun, ya sake cigiya daga farko. Darakta yana iya manta wanda ya ƙi aiki, amma da wuya ya manta wanda ya sa shi asarar wata guda. Saboda haka sharaɗin farko na barin ƙofa a buɗe shi ne sauri. Mai lissafin yana da kwana takwas, ya ƙudura ba zai cinye fiye da huɗu ba.

Ranar Asabar da dare ya zauna ya rubuta takarda da Faransanci, kamar yadda ake rubuta kowace takardar biro. Ta cika shafi biyu. Ya yabi furojen, ya yabi darakta, ya yi bayanin bankunan cimaka, ya ambaci wahalar zamani, ya ce zuciyarsa tana Damagaram ko da jikinsa yana Maraɗi. Da safe ya kai ma maƙwabcinsa, wani mushe mai koyarwa a kwaleji, ya duba masa kurakuran rubutu. Mushen ya karanta har ƙarshe, ya ɗaga kai ya ce, "To, abokina, za ka je ne ko ba za ka je ba?"

Wannan tambayar ita ce ma'aunin irin wannan takarda. Idan wanda bai san labarin ba ya karanta ta kuma bai gane amsar ba, to darakta ma ba zai gane ba. Abin da ya fi muni, zai iya ɗauka ciniki ake yi da shi. Takardar da ta yi ta kewaye ba ta faɗi a'a ba, tana kama da ta mai neman ƙarin albashi, kuma alamar haka ita ce a amsa maka da sabon tayi. A lokacin sai mutum ya ƙi sau biyu, kuma ƙi na biyu ya fi na farko ciwo, domin darakta ya riga ya je ya roƙi waɗanda suke ba da kuɗin furoje su ƙara wani abu saboda kai.

Da ya zo sake rubutu, sai wata dabara ta zo masa. Mahaifiyarsa tana da ciwon ƙafa, yana iya cewa rashin lafiyarta ce ta hana shi barin Maraɗi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ya rubuta jimlar, ya dube ta, ya soke. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a nan, inda kawun da ya kai sunansa yayan mahaifiyar ne, kuma ya san tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Dalilin da mutum ya bayar shi ke nuna ko ƙofa za ta sake buɗewa. Wanda ya ce ba zai iya barin garinsu ba saboda tsohuwa, ya gaya ma darakta ke nan kada a sake nemansa muddin tsohuwar tana da rai. Wanda ya ce yana da alkawari da zai ƙare ranar 31 ga Disamba, ya gaya masa ranar da za a iya nemansa. Dalili na gaskiya a nan ya fi na ƙarya amfani, domin yana da ranar ƙarewa.

Akwai wani dalili na gaskiya kuma da ya bari a cikinsa. A lokacin tambayoyi ya fahimci cewa kuɗin furojen na shekara biyu ne, kuma ba a tabbatar da abin da zai biyo baya ba. Wannan ya ɗan sanyaya masa gwiwa. Amma bai rubuta shi ba, domin ba shi ne ya yanke shawarar ba, kuma faɗarsa zai zama kamar kushe gidan da ya yi masa karamci. Dalili guda ya isa, in dai shi ne babba. Idan aka jera uku, mai karatu yakan ɗauka ba ko ɗaya da yake da ƙarfi.

Takarda ta uku ba ta kai shafi guda ba. A sama ta hagu ya sa sunansa da lambar akwatin gidan waya na ƙungiyar, ta dama ya sa Maraɗi da kwanan wata. Ya aika ta zuwa ga daraktan furoje da sunan muƙaminsa, bai sa sunan mutumin ba. A ƙarƙashi ya sa layin da ke faɗin abin da takardar ta ƙunsa, wato amsa ga tayin aikin mai lissafi, sa'annan layin da ke ɗauke da lamba da kwanan watan takardar da aka aiko masa. Ga ma'anar abin da ya rubuta da Hausa:

"Ranka ya daɗe, na sami takardarku ta ranar 9 ga Yuni 1997, wadda a cikinta kuka sanar da ni cewa kun zaɓe ni a matsayin mai lissafin kuɗi na furojenku daga ranar 1 ga Yuli. Ina gode muku da amanar da kuka ba ni, da kuma irin tarbar da na samu a wurinku ranar tambayoyi.

"Ina baƙin cikin sanar da ku cewa ba zan iya karɓar wannan aiki ba. Ina da yarjejeniya da ƙungiyar da nake yi ma aiki, wadda za ta ƙare ranar 31 ga Disamba 1997, kuma watannin da ke tafe su ne na fitar da hatsi a bankunan cimaka 14 da nake riƙe da littattafansu. Na gaggauta amsa muku domin ku sami damar kiran wani kafin ranar fara aiki.

"Aikin da kuke yi na kafa asusun ajiya da bashi a ƙauyuka aiki ne da nake sha'awa, kuma yana kusa da wanda na sani. Daga ranar 1 ga Janairu 1998 ba ni da wani alkawari. Idan bayan wannan rana kuka sami gurbi ko wani aiki na ɗan lokaci a fannin lissafi, zan yi murna ku tuna da ni. Ina roƙon ku aje takarduna a wurinku, kuma da izininku zan sake rubuto muku a farkon shekara.

"Ku karɓi gaisuwata da girmamawata."

Kowane sakin layi aiki guda yake yi. Na farko ya nuna an karɓi takardar kuma an gode, godiya kan abu takamaimai. Na biyu ya faɗi a'a a jimlarsa ta farko, da kalmomin da ba su da fassara biyu, sa'annan dalili ya biyo baya. Na uku shi ne ƙofar. Da yawa sukan rubuta cewa suna fatan wata rana Allah zai haɗa su, abin da yake addu'a ce mai kyau amma ba ta ba sakatariya abin da za ta rubuta a littafi. Shi kuwa ya ba da rana, ya faɗi irin aikin, ya kuma ɗora ma kansa nauyin sake rubutowa, maimakon ya bar ma darakta nauyin tunawa. Ya kuma yi hankali bai roƙi a aje masa gurbin ba. Furoje ba zai yi wata shida ba mai lissafi, kuma roƙon abin da ba zai yiwu ba yana tilasta ma wanda aka roƙa ya ce a'a shi ma.

Mushen ya ba shi shawara ya ƙara sunan wani abokinsu da ba shi da aiki, ko a ɗauke shi. Ya ƙi. Mutum huɗu aka yi ma tambayoyi, kuma na biyu yana da haƙƙi. Wanda ya ƙi kujera ba shi ke da ikon ba da ita ba, kuma sa sunan wani ba tare da an tambaya ba yana sa a ga kamar an mai da gurbin gadon gida.

Takardar ta kammala, amma bai aika ta ba tukuna. Akwai wanda ya kamata ya ji labarin kafin darakta, kuma da baki. Ranar Lahadi da rana ya shiga mota zuwa Tasawa. Bayan sallar isha'i, da aka ci tuwo aka watse, ya matsa kusa da kawunsa ya ce, "Kawu, ku yi mini haƙuri. Kun sa bakinku saboda ni, kuma an ɗauke ni, amma ba zan iya zuwa ba." Ya faɗi dalilin kamar yadda ya rubuta shi, bai ƙara ba, bai rage ba. Tsohon ya daɗe bai ce komi ba. Daga baya ya ce, "Ɗana, ka san mutum nawa suke neman wannan wuri?" Ya ce ya sani. Tsohon ya karɓi takardar, ya sa madubin ido ya karanta a hasken fitila, ya mayar masa. Bai ce ya ji daɗi ba. Abin da ya ce shi ne zai aika ma darakta saƙo shi ma, domin kada abokinsa ya ɗauka an yi masa wasa.

Dalilin wannan tafiya ya wuce ladabi. Wanda ya kai sunan mutum ya ba da lamunin mutuncinsa ne. Idan darakta ne ya fara gaya masa cewa ɗan ƙanwarsa ya ƙi aikin, kunyar da zai ji ba takardar da za ta wanke ta, kuma ba zai sake buɗe baki saboda yaron ba. A garuruwanmu ƙofofin aiki biyu ne, ta biro da ta mutanen da suke shaidar ka, kuma ta biyun ta fi wuyar gyara idan ta karye.

Ranar Litinin 16 ga Yuni ya wuce Damagaram, da izinin kwana guda daga shugaban ƙungiyarsa, wanda ya riga ya gaya ma gaskiyar abin da zai kai shi ba tare da ya nemi ƙarin ko dala ba. Ya je da kofi biyu na takardar. Sakatariya ta karɓi ɗaya, ta rubuta ta a littafin wasiƙun da suka shigo, ta buga hatimi da lamba da kwanan wata a kan ɗayar ta mayar masa. Wannan kofin shi ne shaidar cewa ya amsa cikin wa'adi. Da ba zai iya zuwa da kansa ba, da sai ya aika ta gidan waya a matsayin wasiƙa mai rajista, wadda ake sa hannu idan an karɓa, ya kuma buga talho ya sanar, domin wasiƙar da aka ba direban tasha tana iya kwana uku a aljihu. Darakta ya gan shi minti biyar a tsaye. Bai ɓoye ɓacin ransa ba, amma ya ce ya gode da aka gaya masa da wuri. A ranar aka aika ma na biyu.

Damina ta wuce, aka fitar da hatsi, da kaka aka karɓi bashi, ya rufe littattafai a ƙarshen Disamba. Cikin makon farko na Janairu 1998 ya rubuta takarda mai layi shida, ya ambaci lambar da sakatariya ta buga masa, ya ce yanzu ba shi da alkawari. Amsa ta zo cewa babu gurbi, wanda aka ɗauka yana aikinsa da kyau. Ƙungiyar manoma ta sabunta masa yarjejeniya a kan albashinsa na da, kuma uwargida ta yi lissafin abin da ya wuce su, jika 85 sau shida, ta faɗa masa jimlar, jika 510. Ƙofar da aka bari a buɗe ba alkawarin aiki ba ce, kuma wanda zai rubuta irin wannan takarda ya kamata ya yarda tun farko cewa abin da ya bari yana iya tafiya har abada.

Sai a cikin 1999 aka neme shi. An canza darakta, sabon bai taɓa jin sunansa ba. Furojen yana bukatar wanda zai bi ƙauyuka na wata uku ya koya ma masu riƙe da asusu yadda ake cika littafi. Sakatariya ta ɗauko fayil ɗin masu lissafi, kuma a ciki akwai takardunsa biyu a jere, domin an rubuta su zuwa ga muƙami, kuma kowace tana ɗauke da lambar wadda ta gabace ta. Sabon darakta ya karanta dalilin da mutumin ya bayar shekara biyu baya. Mai neman wanda zai damƙa ma kuɗin talakawa ya ga shaidar cewa wannan ya taɓa barin albashi mai tsoka domin kada ya bar littattafan manoma a tsakiyar damina. Aikin na wata uku ne kawai, amma an ba shi ba tare da jarrabawa ba.

A yau tayin aiki yakan zo ta imel ko ta wayar salula, kuma amsa tana isa cikin minti guda. Wannan ya ɗauke wahalar tafiya, amma ya kawo wata sabuwar kasala, ta amsawa da kalma biyu ko ta ƙin ɗaga waya. Saƙon da ya tsaya a wayar darakta yana tafiya tare da shi ranar da aka canza shi. Saboda haka har yanzu ya fi kyau amsar ta tafi a rubuce zuwa adireshin ma'aikatar, da sunan gurbin da kwanan watan tayin a samanta, mutum ya aje kofinsa, kuma wanda ya kai sunansa ya ji daga bakinsa kafin saƙon ya tashi.